Shaidar Hajiya a Kan Takarda: Abin da Mai Gidan Abinci Zai Rubuta wa Tsohon Yaronsa

A yawancin gidajen abinci na Kano, Zariya ko Maraɗi, da baki ake ɗaukar ma'aikaci. Wani da aka sani zai kawo ƙanensa ko ɗan maƙwabcinsa, ya ce wa mai wurin, “Hajiya, ga yaron nan, na san gidansu.” Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi sunan mahaifinsa da unguwarsu, washegari ya fara ɗaukar faranti. Wannan tsari yana tafiya daidai matuƙar yaron bai fita daga inda aka san shi ba. Ranar da ya kai takardar neman aiki wani babban otal a Wuse ko Maitama a Abuja, manajan da ke zaune a ofishin bai san unguwarsu ba, bai san wanda ya kawo shi ba, kuma ba shi da lokacin bincike. Abin da zai ce shi ne, “Je ka kawo mana wasiƙar shaida daga inda ka yi aiki.”

Daga nan mai sabis, wato mai karɓar oda da kai wa baƙi abinci teburi, zai koma wurin tsohuwar uwar ɗakinsa. Sau da yawa wannan wasiƙa ita kaɗai ce takardar da za ta nuna ya taɓa aiki a rayuwarsa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikacinsa rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikin kafin a cika wata uku da farawa, amma duk wanda ya san ƙananan gidajen abinci ya san ba kasafai ake yin hakan ba. Albashi a hannu ake ba da shi, hutu da baki ake nema, sallama ma haka. Shekara biyu ko uku na tsayuwa daga safe zuwa dare sukan wuce ba tare da sun bar sawu a kan takarda ba. Shi ya sa rabin shafin da mai gidan abinci zai rubuta yake da nauyin da shi kansa ba ya zato.

Kafin a shiga abin da za a rubuta, akwai ruɗanin da ke hana mutane da dama sa hannu. Wasiƙar shaida daban take da fom ɗin garanto. Wanda ya cike fom ɗin garanto ya tsaya wa mutum ne: ya manna hotonsa, ya ba da katin shaidarsa, ya yarda cewa idan yaron ya gudu da kuɗi ko ya yi ɓarna, za a neme shi, a wani fom ɗin ma har da alƙawarin biya. Mai rubuta wasiƙar shaida bai ɗauki wannan nauyi ba. Abin da ya gani da idonsa a baya yake faɗa, ba lamunin abin da zai faru gobe yake ɗauka ba. Hajiyar da ta ce “ni ba na tsaya wa kowa” tana da damar ƙin zama garanto, kuma babu wanda zai ga laifinta. Amma wannan bai zama dalilin da za ta hana yaron da ya yi mata aiki tsakani da Allah shaidar cewa ya yi ba.

A wasu ƙasashen ba ma zaɓi ba ne. A Nijar, dokar ƙwadago ta tilasta wa mai aiki ya ba ma'aikacin da zai tafi takardar shaidar aiki, wadda ke ɗauke da ranar shiga, ranar fita da irin aikin da ya riƙe, ba yabo ba zagi. A Saudiyya, inda Hausawa da yawa ke aiki a gidajen abinci na Makka da Jidda, sashe na 64 na dokar ƙwadago ya ba ma'aikaci haƙƙin karɓar irin wannan takarda kyauta idan ya nema, da ranakun aikinsa da sana'arsa da albashinsa na ƙarshe. A Najeriya dokar ba ta faɗi haka ƙarara ba, sai dai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta taɓa duba batun a Legas a 2017, a shari'ar Kelvin Nwaigwe da bankin Fidelity, inda ta ɗauka cewa ba da shaidar aiki ga tsohon ma'aikaci nauyi ne da ke cikin yarjejeniyar aiki ko da ba a rubuta shi ba. Shari'ar ma'aikacin banki ce, amma hujjar ba ta bambanta mai ƙirga kuɗi a kanta da mai ɗaukar tire ba.

To, me ake rubutawa? A ɗauki misali. A ce wata hajiya tana da gidan abinci a Zoo Road a Kano, mai tebur goma sha biyu, ana sayar da tuwo da shinkafa da farfesu, da rana kuma ana cika maƙil. Wani saurayi ya yi mata sabis daga Maris 2021 zuwa Agusta 2023, yanzu kuma yana neman aiki a wani otal a Abuja. Abin da aka saba gani shi ne ta tura shi shagon buga takardu, mai shagon ya ciro tsohuwar wasiƙar da ke cikin kwamfutarsa, ya canza suna. Wasiƙar za ta ce yaron mai ladabi ne, mai ƙwazo, mai gaskiya, mai tsoron Allah, kuma ana roƙon a taimaka masa. Babu ƙarya a ciki, amma babu amfani. Manajan otal ya karanta irinta ba adadi, kalma da kalma, a kan direbobi da masu gadi da masu shara. Ba ta gaya masa komai a kan wannan mutumin da ke tsaye gabansa ba.

Abin da manajan yake son sani bai fi abu huɗu ba, kuma duk Hajiya ta san su ba tare da ta buɗe littafi ba. Yaushe ya fara, yaushe ya bari? Wane aiki ya yi da hannunsa? Kuɗi sun bi ta hannunsa, kuma an same su cif? Me ya sa ya tafi? Ga yadda wasiƙar za ta fito idan aka bi waɗannan tambayoyi. A Najeriya da Turanci otal zai so a kawo ta, a Nijar da Faransanci, amma abin da ke ciki ɗaya ne:

“Ni ce mai wannan gidan abinci, kuma ni ce nake kula da ma'aikata kai tsaye. Mai ɗauke da wannan takarda ya yi aikin sabis a wurina daga Maris 2021 zuwa Agusta 2023. Ya fara da kwashe kwanuka da goge tebura, bayan wata huɗu na mayar da shi karɓar oda. Tebur shida yake riƙewa shi kaɗai a lokacin abincin rana. Yana karɓar kuɗi a hannu, yana amfani da na'urar POS, yana kuma tabbatar da taransifa kafin baƙo ya tashi. A shekararsa ta ƙarshe shi ne yake haɗa lissafin dare ya miƙa mini, kuma ban taɓa samun kuɗina ba daidai ba. Ya yi azumi uku tare da mu, a cikinsu shi ke tsara teburan buɗa baki. Ya koya wa sababbin yara biyu aiki. Yana jin Hausa da Turanci. Shi ya nemi tafiya don neman ci gaba, ya ba ni sanarwar mako biyu, ya kuma cika su. Da zai dawo, zan sake ɗaukarsa. Duk mai son ƙarin bayani ya kira ni ta lambar da ke ƙasa.”

Sai kwanan wata, cikakken suna, sa hannu, adireshin wurin da lambar waya, da hatimi idan akwai.

Kowace jimla a nan tana da aikin da take yi. Jimlar farko ta nuna mai shaidar ta ga aikin da idonta, ba labari aka ba ta ba. Ranakun suna faɗar abin da kalmar “juriya” ba za ta iya faɗa ba, domin a sana'ar da yara ke shiga su fita cikin wata biyu, wanda ya zauna shekara biyu da wata biyar a wuri ɗaya ya riga ya ba da amsa. Tashi daga kwashe kwanuka zuwa karɓar oda ya nuna an gwada shi an ƙara masa matsayi. Tebur shida a tsakar rana kuwa, duk wanda ya taɓa gudanar da gidan abinci ya san abin da ake nufi: mutum ya riƙe a kansa wa ya ce miyar kuka, wa ya ce ba ya son yaji, wane tebur ne ya fara zuwa, wa ke jiran canji, duk yana tafe yana fara'a. Maganar azumi ma ba ado ba ce. A buɗa baki kowa a minti ɗaya yake son abincinsa, shi mai kai abincin ma yana ɗauke da ƙishirwar yini guda. Wanda ya iya wannan zai iya liyafar biki a otal.

Sanarwar mako biyu ita ma tana da tushe. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ke tsakanin shekara biyu da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Saurayin namu ya yi daidai abin da doka ta nema. Babu abin da mai gidan abinci ke tsoro kamar ya wayi gari ranar Juma'a ya tarar ma'aikaci ya ɓace ba sallama, don haka wannan jimla tana kwantar wa sabon mai aiki da hankali ƙwarai.

Amma zuciyar wasiƙar ita ce maganar kuɗi. Mai sabis yana tsaye ne tsakanin aljihun baƙo da akwatin mai gida, kuma hanyoyin da kuɗi ke zurarewa a nan sanannu ne. Akwai wanda zai kai faranti uku ya rubuta biyu. Akwai wanda zai ba baƙo lambar asusunsa maimakon ta gidan, ya ce na'ura ta ƙi aiki. Akwai mai ƙara farashi ga baƙon da bai san gari ba ya soke bambancin. Akwai kuma wanda ba ɓarawo ba ne, sakaci ne da shi: a nuna masa alat na bogi a waya, ya gyaɗa kai, baƙo ya fita. Manajan otal duk ya san waɗannan, kuma su yake nema a tsakanin layukan wasiƙar. Idan an yabi ladabin yaro da tsaftarsa da sallarsa, aka yi shiru a kan kuɗi, gogaggen manaja zai lura da shirun. A Jamus, inda doka ta ba kowane ma'aikaci haƙƙin karɓar rubutacciyar shaida, abin ya zama sanannen al'amari: idan aka bar kalmar gaskiya daga shaidar mutumin da kuɗi ke bi ta hannunsa, masu ɗaukar aiki suna karanta hakan a matsayin gargaɗi. Darasin da ke nan ga Hajiya shi ne, idan yaron amintacce ne, ta faɗa a fili, ta kuma faɗi yadda ta sani. Mantuwa kawai tana iya jawo masa zargin da bai ji ba bai gani ba.

Idan kuma ba amintacce ba ne fa? Nan ne abin ke da wuya, kuma nan ne masu gidajen abinci suka fi kuskure, ta fuska biyu.

Na farko shi ne mai tausayi, ko mai son rabuwa lafiya. Ya kama yaro dumu-dumu, ya kore shi, sai iyayen suka zo da dattijon unguwa ana ba da haƙuri, a ƙarshe ya rubuta cewa yaron mai amana ne don kada ya toshe masa hanyar abinci. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki matsalarsa ya ɗora wa wani mai sana'a irinsa, da sa hannunsa a ƙasa. Wannan shaidar zur ce ko da an sa mata rigar taimako. Malamai sun daɗe da bayyana cewa faɗin aibin mutum ga wanda ya nemi shawara don zai yi hulɗa da shi ba giba ba ne, nasiha ce, kuma Imam Nawawi ya lissafa shi a Riyadus Salihin cikin wuraren da aka halatta. Sharaɗin shi ne a tsaya a kan abin da ake buƙata, kuma niyyar ta zama kare mai tambaya, ba huce haushi ba.

Na biyu shi ne mai haushin. Yaro ya bar shi a lokacin da ya fi buƙatarsa, ko ya koma gidan abincin da ke kallon nasa, sai ya sami dama. Ana kiransa a waya ya ce, “Ai wannan hannunsa ba shi da kyau,” alhali abin da ya faru shi ne an taɓa samun giɓin kuɗi a daren da mutum huɗu suka taɓa akwatin, ba a kuma gano wanda ya ɗauka ba. Irin wannan magana tana kashe sana'ar mutum, kuma doka ba ta ɗauke ta da wasa ba. Shari'ar da lauyoyi suka fi ambata a kan haka ta faru ne a Birtaniya. Wani wakilin sayar da inshora, Graham Spring, ya nemi aiki a kamfanin Scottish Amicable bayan ya rabu da Guardian Assurance. Tsohon kamfanin ya aika da shaidar da ta zarge shi da rashin gaskiya, aikin ya kuɓuce masa. Alƙalin da ya fara sauraron ƙarar ya gano waɗanda suka rubuta ba mugunta suka yi niyya ba, sai dai ba su bincika yadda ya kamata ba. A 1994 kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, wato Majalisar Iyayengiji, ta yanke cewa mai ba da shaida yana da nauyin yin taka-tsantsan, kuma ana iya cin sa diyya idan sakacinsa ya jawo wa tsohon ma'aikaci asara. Kotunan Najeriya ba dole ne su bi hukuncin Birtaniya ba, amma sukan duba shi su ɗauki hujja, ga kuma dokar ɓata suna da ke nan daram.

Tsakanin waɗannan biyun akwai hanya madaidaiciya. Abin da aka tabbatar, a faɗe shi yadda yake. Abin da zato ne kawai, a bar shi. Idan mai gida ya ga ba zai iya yabo da zuciya ɗaya ba, sai ya rubuta gajerar takarda irin ta Nijar, ranar shiga, ranar fita, da sunan aikin, ya kuma gaya wa yaron a gabansa cewa iyakar abin da zai iya ke nan. Ya fi mutunci a faɗa masa haka ya san inda ya dosa, da a ba shi takarda mai daɗi sannan a soke shi a waya. Ƙananan laifuffuka kuma ba su cancanci zama a takarda ba. Yaron da yake makara a watanninsa na farko saboda daga Ɗorayi yake tahowa, aka yi masa magana ya gyara, bai kamata wannan ta bi shi Abuja ba. Idan an tambaya kai tsaye, sai a ce ya taɓa yi kuma ya daina, domin duka biyun gaskiya ne.

Akwai kuma abubuwan da ba su da gurbi a wasiƙar ko kaɗan, kamar rashin lafiyar da ya taɓa yi, rikicin gidansu ko bashin da ake bin sa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa cikin bayanan da ake tsananta kiyayewa. Idan otal yana son sanin lafiyar mai taɓa abinci, yana da hanyarsa, wato ya tura shi gwajin asibiti, ba aikin tsohuwar uwar ɗaki ba ne.

A ɓangaren wanda aka kawo wa wasiƙar, takarda mafari ce kawai, domin hatimi ana sassaƙa shi a kasuwa, takarda mai tambari kuma kowane shagon kwamfuta zai buga. Ta bogi tana da alamu. Ranakun da ke cikinta sukan saɓa da waɗanda yaron ya rubuta a takardar neman aiki. Takan ambaci ayyukan da gidan abincin ba ya yi, kamar a ce yaro ya ƙware a hidimar ɗakunan baƙi a wurin da ko bene babu. Mafi yawa kuma, lambar wayar da ke ƙasa ta aboki ce. Manajan da ya san aikinsa yakan nemo lambar gidan abincin ta wata hanya dabam, ko ya sa wani da ke garin ya leƙa. Idan ya kira, ba zai karanto bayanin ya ce “haka ne?” ba, domin aboki ma zai ce haka ne. Zai gaishe ta ya ce, “Hajiya, don Allah wane lokaci ya fara aiki a wurinki? Tebur nawa yake riƙewa? Wa ke rufe lissafi da dare?” Wadda ta zauna da yaro shekara biyu za ta amsa ba tare da tunani ba, har ta ƙara da labarin ranar da wani baƙo ya manta wayarsa yaron ya bi shi da ita bakin titi. Aboki kuwa zai fara inda-inda tun a tambaya ta biyu.

Saboda wannan kiran ne ya kamata Hajiya ta ajiye kwafin abin da ta sa wa hannu, ko da hotonsa ne a waya, don kada bayan wata shida ta faɗi shekarar da ta saɓa wa takardarta, a ɗauka yaron ne ya yi ƙarya. Shi ma mai sabis yana da nasa aikin. Ya nemi wasiƙar a makon da zai tafi, lokacin da ake tuna aikinsa kuma fuska na sake, ba bayan shekara uku ba, lokacin da wataƙila gidan abincin ya canza hannu ko ya rufe. Ya zo da ranakunsa a rubuce don sauƙaƙa wa mai rubutun, ya gaya mata irin wurin da yake nema domin ta san abin da za ta fi jaddadawa, ya riƙe ta asali ya riƙa miƙa kwafi. Ranar da ya miƙa takardar a otal kuma, ya kira ta ya ce, “Hajiya, na ba da lambarki, wataƙila su kira a makon nan,” don kada ta ga baƙuwar lamba tana tsaka da sallamar masu abincin rana ta ƙi ɗauka.